Raba kwastomomi kashi uku da IFS da AND: me ya sa babu wanda ya fito "Na gida"?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke riƙe wa babana lissafin shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari. A Excel, kolum B shi ne sau nawa mutum ya yi sayayya, C kuma jimlar kuɗin da ya kashe. Na rubuta wannan, amma ko mutum ɗaya bai fito "Na gida" ba, wasu layukan kuma sai #N/A. Ina matsalar take?

```
=IFS(B2<=2,"Sabo",AND(B2>=3,C2>=100000),"Na kullum",AND(B2>=10,C2>=500000),"Na gida")
```

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rubutun fomularka lafiya ƙalau yake, ba baka ko waƙafin da ya ɓace. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko jerin sharuɗɗan ne, gyaransa bai fi minti ɗaya ba. Na biyun kuwa shawara ce da ba ku riga kun yanke ba kai da Baba, sai Excel ya nuna muku gurbinta da #N/A.

IFS tana karanta sharuɗɗa ne daga hagu zuwa dama, kuma da zarar ta sami na farko da ya tabbata, sai ta ba da amsarsa ta tsaya. Ba ta duba ko akwai wani a gaba da ya fi dacewa. Kamar ƙofofi ne a jere a cikin soro, mutum ya shiga wadda ya fara tararwa a buɗe. To duba wanda ya zo sau 14 ya kashe Naira 820,000. Ƙofar farko a rufe take, domin 14 ta fi 2. Ta biyu tana tambaya, ya kai sau 3? Ya kai. Ya kai Naira 100,000? Ya kai. Shi ke nan an rubuta masa "Na kullum", ba a ma iso ta uku ba. Kuma haka za ta kasance ga kowa har abada, domin duk wanda ya kai sau 10 ya riga ya kai sau 3, duk wanda ya kashe 500,000 ya riga ya wuce 100,000. Sharaɗinka na uku yana cikin na biyu kacokan. Saboda haka sharaɗin da ya fi tsauri shi ake sa wa a gaba, mai sauƙi ya biyo baya.

Kafin in ba ka gyararriyar fomular, buɗe sabon shafi ka buga waɗannan mutum bakwai da na ƙirƙira don gwaji. Kowannensu akwai abin da yake gwadawa, kuma gara ka ga fomula ta faɗi a kan layi bakwai da ta faɗi a kan ɗari uku ba ka sani ba.

```
A     B    C
K01   14   820000
K02   14   96000
K03   1    900000
K04   5    240000
K05   10   500000
K06   9    1300000
K07
```

K01 da K04 ba su da gardama. K05 yana kan iyaka daidai, shi zai nuna maka ko ka rubuta >= ko kuwa > kawai. K07 layi ne da aka buɗe ba a cike ba. Sauran ukun, K02 da K03 da K06, su ne masu wuya, kuma a kansu maganar take.

Ɗauki K02. Tela ne, a ce, yana shigowa duk bayan mako biyu ko uku ya yanki yadi kaɗan. Sau 14 ya zo, amma gaba ɗaya Naira 96,000 ya kashe. A fomularka ba sabo ba ne, tunda ya wuce sau 2. Ba "Na kullum" ba ne, tunda AND ba ta yarda da rabi: sai duk sharuɗɗan da ke cikin bakanta sun tabbata take cewa TRUE, ɗaya ya faɗi ta ce FALSE, kuma kuɗinsa bai kai 100,000 ba. Ba "Na gida" ba ne. Duk ƙofofin uku sun rufe, IFS kuwa idan ba ta sami sharaɗi ko ɗaya da ya tabbata ba, #N/A take bayarwa. Ka tace layukan da suka ba ka #N/A a shafinka, za ka tarar duk irin K02 ne: sun zo sau 3 ko fiye, kuɗinsu bai kai dubu ɗari ba.

Nan ne mutane da yawa ke yin gyaran da ya fi ɓarnar muni. Sai su juya jerin, su rufe ƙarshen da TRUE:

```
=IFS(AND(B2>=10,C2>=500000),"Na gida",AND(B2>=3,C2>=100000),"Na kullum",TRUE,"Sabo")
```

TRUE a wurin sharaɗi na nufin "duk wanda ya rage". #N/A ta ɓace, shafi ya yi tsaf, ido ya huta. Amma yanzu telan nan da ya zo sau 14, wanda Baba ya san sunansa da sunan unguwarsu, an rubuta masa "Sabo". Ranar da kuka tura wa sababbi saƙon maraba da rangwamen zuwan farko, har da shi a ciki. K07 ma da babu komai a layinsa ya zama "Sabo", domin Excel na ɗaukar akwatin da ba komai a matsayin sifili idan ana gwada girma. #N/A aƙalla tana ɗaga hannu ta ce akwai matsala. Wannan kuwa ƙarya ce da ta yi shiru, shi ya sa ba na son a rufe fomula da TRUE a kan rukuni na gaskiya.

Ga yadda ni zan tsara, da dalilina. Sabunta maganar zuwa ce kawai, kuɗi ba ya shiga. Wanda ya zo sau ɗaya ko biyu sabo ne, ko dubu biyar ya kashe ko miliyan. Zama na kullum ma maganar zuwa ce: ya dawo, ya sake dawowa. Zama na gida kaɗai ke bukatar abu biyu a tare, yawan zuwa da nauyin ciniki, saboda haka a nan kaɗai AND take da aiki.

```
=IFS(AND(B2>=10,C2>=500000),"Na gida",B2>=3,"Na kullum",B2>=1,"Sabo",TRUE,"Duba")
```

Sa ta a D2 ka ja ƙasa. K01 zai fito "Na gida". K02 ya faɗi a sharaɗin farko saboda kuɗi, ya tsaya a na biyu, "Na kullum". K03 da ya zo sau ɗaya ya haɗa lefen Naira 900,000 ya fito "Sabo", kuma daidai ne, domin wataƙila sai auren ƙaninsa za ku sake ganinsa. K04 "Na kullum". K05 "Na gida", tunda >= tana haɗawa da wanda ke kan iyaka; in ka ga ya fito "Na kullum", alamar = ce ta faɗi a wani wuri. K07 ya fito "Duba", wato a je a duba layin.

Ka lura ban rubuta AND(B2>=3,B2<10) a sharaɗi na biyu ba. Da na rubuta haka, da telan nan mai sau 14 ya sake faɗawa rami, domin bai cancanci na gida ba, kuma ya wuce sau 9. Jerin da kansa ke yin aikin iyakar sama: duk wanda ya iso sharaɗi na biyu, to ya riga ya faɗi a na farko. Ƙara iyakar sama da hannu ita ce hanya mafi sauƙi ta buɗe sabon gurbi.

Saura K06, kuma shi ba zan yanke muku ba. Ta zo sau 9 ta kashe Naira 1,300,000, irin matan nan da ke sarar kaya su kai wani gari. Fomular ta ce "Na kullum", saboda zuwa ɗaya ya rage mata. Baba zai iya cewa wannan ai ta fi K05 zama 'yar gida, kuma ba zan musa masa ba. In haka kuka yanke, kada ka sauke iyakar sau 10 ga kowa. Buɗe mata hanya ta biyu mai suna iri ɗaya, tunda IFS ba ta hana amsa guda ta fito sau biyu ba:

```
=IFS(AND(B2>=10,C2>=500000),"Na gida",AND(B2>=5,C2>=1000000),"Na gida",B2>=3,"Na kullum",B2>=1,"Sabo",TRUE,"Duba")
```

Ana iya haɗa su cikin OR, amma wannan ya fi sauƙin karantawa bayan wata shida, lokacin da ka manta abin da ka nufa. Haka kuma idan Baba ya dage cewa sai mutum ya kai dubu ɗari ake kiransa na kullum, to irin K02 suna bukatar sunansu na kansu, misali "Ƙaramin ciniki", a sa shi bayan "Na kullum" da sharaɗin B2>=3. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gwada mutane da ma'auni biyu, sannan a ƙi tanadar wa wanda ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya wuri.

Yanzu abin da ya fi ba ni tsoro a shafukan shaguna, wanda fomular da na ba ka ba ta kare ka daga gare shi ba tukuna. Wani lokaci abin da ke cikin akwati lamba ce a ido, amma a wurin Excel rubutu ne. Yana faruwa idan yaron shago ya buga N45,000 da harafin N a gaba, ko ya buga 45k, ko ya rubuta "sau 2", ko kuma aka kwafo jerin daga WhatsApp ko daga bayanan banki. Za ka yi zaton Excel zai ƙi, ya nuna kuskure. Ba ya ƙi. A ƙa'idarsa, idan aka gwada rubutu da lamba, rubutu ne babba ko da yaushe. Gwada da kanka a akwati marar komai:

```
="2">=10
```

TRUE za ka gani. Ma'anarsa, wanda ya zo sau 12 ya kashe N45,000 da aka buga da harafi zai tsallake sharaɗin 500,000 ya fito "Na gida". In duka B da C rubutu ne, wanda ya zo sau 2 ma ya zama ɗan gida. Ba jan launi, ba #VALUE!, ba komai. Sai ranar rabon kalandar shago ko turmin goron Sallah ka ga sunan da ba wanda ya sani a cikin manyan kwastomomi.

Ana gane su da ido in an lura. Lamba ta gaskiya tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu yana jingina da hagu, matuƙar ba a sauya jerin da hannu ba. Sau da yawa kuma akwai ɗan koren kusurwa a saman akwatin ta hagu. Amma ido yana gajiya a layi ɗari uku, saboda haka a sa mai gadi a bakin fomular. COUNT lambobi kaɗai take ƙirgawa a cikin akwatunan da aka nuna mata, ba ta ƙirga rubutu ko fanko. Idan B2 da C2 duk lambobi ne za ta ba da 2, in ta ba da ƙasa da haka akwai matsala:

```
=IFS(COUNT(B2:C2)<2,"Duba",AND(B2>=10,C2>=500000),"Na gida",B2>=3,"Na kullum",B2>=1,"Sabo",TRUE,"Duba")
```

Dole mai gadin ya zo a farko, saboda dalilin da muka fara da shi. In ka sa shi a ƙarshe, rubutun ya riga ya shige ta ƙofar "Na gida". Waɗanda suka fito "Duba" sai ka gyara su: in tsurar lamba ce da ta zama rubutu, danna ɗan alamar gargaɗin da ke gefen akwatin ka zaɓi Convert to Number, in da harafi a ciki, sake bugawa. Idan kuna son alamar Naira ta riƙa bayyana, ta Format Cells ake sa ta, ba da hannu ba, don abin da ke cikin akwatin ya zauna lamba zalla.

Sai tambayar da ba ka yi ba, amma ita ce gindin komai: lambar da ke kolum B daga ina ta fito? In da hannu kake ƙarawa duk lokacin da mutum ya zo, to. Amma in kana da shafin ciniki na kullum kana ƙirgowa da COUNTIF, ka sani layuka take ƙirgawa, ba zuwa ba. A ce shafin sunansa Ciniki, A kwanan wata, B lambar kwastoma, C kaya, D kuɗi. K03 mai lefe ya zo rana ɗaya, aka rubuta masa atamfa a layi, leshi a layi, shadda a layi, mayafi a layi, har layi 12. COUNTIF za ta ce ya yi sayayya sau 12, kuɗinsa kuma 900,000 ne, sai ga shi "Na gida" a yinin da ya fara taka shagon. AND ta yi aikinta daidai, lambar da aka ba ta ce ba daidai ba.

Maganinsa kolum ɗaya ne na taimako a shafin Ciniki. A E2 ka sa wannan ka ja ƙasa:

```
=IF(COUNTIFS(A$2:A2,A2,B$2:B2,B2)=1,1,0)
```

Alamar $ ta riƙe farkon zangon a layi na 2, ƙarshensa kuma yana tsawo yayin da kake ja. Saboda haka a kowane layi fomular na tambaya: daga sama zuwa nan, wannan ne karo na farko da wannan kwastoman ya bayyana a wannan ranar? In e, 1. In ya riga ya bayyana, 0. Layuka 12 na mai lefe za su ba da 1 guda da sifili 11. Kolum A ya zama kwanan wata kaɗai, ba tare da awa da minti ba, in ba haka ba kowane layi zai zama rana daban. Daga nan a shafin kwastomomi, B2 da C2 su zama:

```
=SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!E:E)
=SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!D:D)
```

Wannan kuwa ba zai yi aiki ba sai kowane mutum yana da shaida guda da ba ta canjawa. Suna ba ya wadatarwa a kasuwarmu. Yau an rubuta Haj. wance, gobe Hajiya wance, jibi Maman wane, sai mutum ɗaya mai zuwa 12 ya rabu uku, kowanne da zuwa 4, ɗan gida ya narke ya zama na kullum uku. Ba kowa lamba irin K01, ko ka yi amfani da lambar wayarsa. Akwai kuma maganar bashi, wadda ba ta fomula ba ce amma tana shiga cikinta: in kolum D kuɗin kayan da aka ɗauka ne, ba wanda aka biya ba, to wanda ya fi kowa cin bashi zai iya fitowa kan gaba a 'yan gida. Ni kuɗin da ya shigo aljihu nake tarawa.

Iyakokin nan kuma, 10 da 500,000 da 3, kada ka bar su binne a cikin fomula. Farashin turmi bana ba shi ne na bara ba, kuma dubu ɗari biyar da ke nuna babban kwastoma yau, nan gaba ciniki ne na tsaka-tsaki. Rubuta su a gefe: G2 ya ɗauki 10, G3 ya ɗauki 500000, G4 ya ɗauki 3, ka sa bayaninsu a kolum F don kowa ya gane.

```
=IFS(COUNT(B2:C2)<2,"Duba",AND(B2>=$G$2,C2>=$G$3),"Na gida",B2>=$G$4,"Na kullum",B2>=1,"Sabo",TRUE,"Duba")
```

Kada ka manta da $. In babu ita, da ka ja fomular ƙasa G2 za ta koma G3, G3 ta koma G4, har ta sauka a akwatunan da ba komai, waɗanda Excel ke gani sifili. Alamar wannan ciwon a fili take: layi na farko daidai, na biyu da na uku sun rikice, daga can ƙasa kuma kowa ya zama "Na gida", tunda kowa ya kai sifili. Amfanin fitar da iyakokin shi ne za ku zauna da Baba, ka canja G3 daga 500000 zuwa 400000, ku ga nan take su wa suka haura. Shi ya san mutanensa. In jerin 'yan gida ya fito babu mutum biyar da yake ambata kullum, iyakar ce ke bukatar gyara. Ƙirga kowane rukuni da =COUNTIF(D:D,"Na gida") da 'yan'uwanta; jimlar huɗun, har da "Duba", dole ta yi daidai da yawan kwastomominka.

Ka san kuma iyakar abin da wannan rabon zai iya gaya maka. Zuwa da kuɗi ba su san lokaci ba. Wanda ya yi ciniki sau 15 shekara uku da suka wuce, sannan ya koma wani shago, zai zauna "Na gida" a shafinka har abada. In kana so ka taƙaita ga shekara guda, SUMIFS ce za ta maye gurbin SUMIF:

```
=SUMIFS(Ciniki!E:E,Ciniki!B:B,A2,Ciniki!A:A,">="&TODAY()-365)
```

Haka za ka yi wa kuɗin ma, da Ciniki!D:D a farko. Sai dai da zarar ka yi wannan, "Sabo" ta canja ma'ana: tsohon kwastoma da ya zo sau ɗaya a bana zai faɗa cikinta, wanda bai zo ba sam kuma zai fito "Duba". In za ka bi wannan hanyar, bar ƙirgen zuwa na tun farko a wani kolum don sharaɗin "Sabo", ka yi amfani da na shekara don "Na gida" kawai.

Tunda fomularka ta ba da amsa, Excel ɗinka ya san IFS. Amma tana aiki ne daga Excel 2019 zuwa sama da Microsoft 365, da kuma Google Sheets. In ka kai fayil ɗin kwamfuta mai Excel 2013 ko 2010, za ka ga _xlfn.IFS a cikin fomular, kuma da zarar ta sake lissafi sai #NAME? ta fito. A can sai IF cikin IF, da jeri iri ɗaya:

```
=IF(COUNT(B2:C2)<2,"Duba",IF(AND(B2>=$G$2,C2>=$G$3),"Na gida",IF(B2>=$G$4,"Na kullum",IF(B2>=1,"Sabo","Duba"))))
```

In kuma kuna da abokin hulɗa a Maraɗi ko Damagaram mai Excel na Faransanci, fayil ɗin zai buɗe masa lafiya, sunayen su juya da kansu. Sai in zai buga da hannu ne zai rubuta SI.CONDITIONS a madadin IFS, ET a madadin AND, NB a madadin COUNT, VRAI a madadin TRUE, ya kuma raba sharuɗɗan da alamar ; maimakon waƙafi.

Fara da mutum bakwai ɗin nan, ka ƙara na takwas da ka buga wa N45,000 da harafi. Da fomular ƙarshe mai $G$, abin da ya kamata ka gani daga K01 zuwa K08 shi ne: Na gida, Na kullum, Sabo, Na kullum, Na gida, Na kullum, Duba, Duba. In sun fito haka, kwafa ta zuwa shafin shagon tare da iyakokin G2 zuwa G4, ka tace "Duba" ka fara gyara su kafin ka nuna wa Baba jerin. Ka gaishe min da shi.